Takardar da Bahijja Ta Kasa Miƙawa

Ranar Juma'a da hantsi Bahijja ta sa hannu a takardar karɓar aiki a wata babbar sakandare mai zaman kanta da ke bayan Ƙofar Kabuga. Za ta koyar da kimiyya, kuma makarantar tana da ɗakin gwaje-gwaje na gaske, mai famfo da kwalabe da iskar gas, ba irin wanda malami ke zanawa a allo ya ce yara su ɗauka sun gani ba. Ta fito tana murna har tana neman yin tuntuɓe. Amma kafin adaidaita sahu ya sauke ta a Ƙofar Mazugal murnar ta ragu da rabi, domin ta tuna Hajiya 'Yardada.

Hajiya 'Yardada ita ce mai ƙaramar makarantar da ke lungu na uku daga gidan su Bahijja. Makarantar tana da dogon suna a jikin allon bakin ƙofa, amma babu mai kiranta da shi, kowa makarantar Hajiya yake cewa. A nan Bahijja ta yi firamare da ƙaramar sakandare, kuma Hajiya ce da kanta ta fara koya mata kimiyya. Da malamin kimiyyar makarantar ya ajiye aiki, Hajiya ta aiko aka ce mata ta rubuto takardar neman gurbin. Ta rubuta, aka kira ta ganawa tare da wasu mutum huɗu. Mutum uku ne suka yi musu tambayoyi: Hajiya, da mataimakinta Malam Tanko, da sakataren makaranta Malam Mikail mai rubuta duk abin da aka faɗa. Aka sallame su a kan cewa kwamiti zai zauna ranar Laraba ta sama ya zaɓi mutum ɗaya.

Yanzu ga Laraba saura kwana biyar, ga Bahijja ta riga ta zama ta wasu.

Yayanta Nazeer ne ya fara jin labarin. Shi ma'aikacin ofis ne, a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani yake, kuma kamar yawancin masu irin wannan aiki, ya yarda babu matsalar duniya da takarda mai kyau ba za ta warware ba.

"Abu ne mai sauƙi," in ji shi. "Tunda kin sa hannu a can, yau ɗin nan za ki janye a nan. Kada ki bari su zauna su zaɓe ki, su sallami sauran, sannan ki zo kina sosa ƙeya. Ki rubuta wa shugabar kwamiti. Ki faɗi gurbin da kika nema da ranar da aka yi intabiyu. Ki gode musu. Ki ce kin janye saboda kin karɓi wani aiki. Shi ke nan."

"Ba sai na yi bayanin dalili ba?"

"Dalilin kenan. Kada ki ce can ya fi nan, kada ki kawo zancen albashi, kada kuma ki ƙirƙiro ƙaryar ciwo ko tafiya. Garin nan kowa ya san kowa, gobe za a gan ki a Kabuga da alli a hannu."

Suka zauna suka rubuta ta da Turanci, gajeriya, layi takwas. Nazeer ya ce a buga kwafi biyu, ɗaya a bar musu, ɗaya su buga mata hatimi ta dawo da ita. Ya ce in ta ga dama ma ta fara turawa ta waya.

A nan mahaifiyarsu, Inna Ladi, ta ajiye tsintar shinkafar da take yi.

"Ta waya? Hajiya 'Yardada za a tura wa saƙo ta waya kamar mai sayar da kati? Matar da ta zo gidan nan ranar sunanki, ta zo ranar rasuwar babanku ta wuni? Ai ko takardar ma ba a ba ɗan aike. Da ƙafarki za ki je, gida ba ofis ba, ki durƙusa ki gaishe ta, ki faɗa mata da bakinki."

Gaskiya Nazeer ya faɗa, gaskiya Inna ta faɗa. Bahijja ta ga babu laifi ta haɗa biyun: ta je da ƙafarta, takarda na cikin jaka. Abin da babu wanda ya lissafa shi ne ita kanta Bahijjar, wadda tun tana ƙarama ba ta taɓa kallon babba ta ce masa a'a ba.

Ranar Lahadi bayan La'asar ta sa mayafinta mai kyau. Inna ta ce ba a zuwa gidan babba hannu rabbana, ta ba ta ƙullin turaren wuta da Nazeer ya sayo a Kasuwar Kurmi. Bahijja ta yi ta maimaita maganar a hanya. Ta shirya farkonta da ƙarshenta, har da inda za ta ɗan yi shiru.

Hajiya tana zaune a tsakar gida a kan darduma. Tana ganinta fuskarta ta washe.

"Lale, lale da 'yata. Shigo, zo nan kusa. Ina Ladi? Ya ƙafar tata?"

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Aka tambayi Nazeer da matarsa da jaririnsu. Aka kawo ruwa, aka kawo zoɓo. Bahijja ta miƙa turare, Hajiya ta shinshina ta sa albarka. Bahijja ta gyara zama, ta buɗe baki, sai ga tuwo da miyar kuka an ajiye a gabanta, Hajiya ta rantse sai ta ci. To, wa zai iya cewa ya fasa aikin mutum alhali lomar tuwon mutumin tana bakinsa? Ta ce a ranta bari ta gama ci tukuna.

Kafin ta gama, Hajiya ta shiga ba da labari. Yadda ta fara makarantar da aji biyu a zauren mijinta marigayi. Yadda Bahijja tana aji huɗu ta shuka wake a gwangwanin madara ta kawo shi kullum ana aunawa da rula. Yadda yaran yanzu suke tsoron kimiyya saboda ba su sami wanda zai sa musu sonta ba.

"Ni na tsufa," in ji Hajiya. "Abin da nake so in ga namu sun dawo sun riƙe wurin."

Jakar tana kan cinyar Bahijja. Ta sa hannu ciki ta taɓa ambulan, ta fito da hannun babu komai. Ta tattaro duk ƙarfin halinta, amma abin da ya fito shi ne:

"Hajiya, dama kan maganar aikin nan ne... na ce dai Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ko a nan ko a wani wuri."

"Amin, amin," in ji Hajiya tana murmushi. "Na gane, 'yata. Ba sai kin ƙarasa ba."

Aka kira Magariba. Bahijja ta yi sallama ta fito. A hanya ta yi ta lallashin kanta cewa ai ta faɗa. Ba ta ce ko a wani wuri ba? Kuma Hajiya ta ce ta gane. Manya ba sai an fayyace musu komai ba. Da Nazeer ya kira ya tambaya, ta ce masa ta je, an yi magana. Bai tambayi kwafin mai hatimi ba, ita kuma ba ta tuna masa ba.

Litinin da azahar wayar Inna Ladi ta yi ƙara. Inna irin mutanen nan ce da ke buɗe muryar waya kowa ya ji, don haka Bahijja tana ɗaki ta ji muryar Hajiya tar.

"Ladi, ki ce wa yarinyar nan ta kwantar da hankalinta. Jiya ta zo har gida, kunya ta hana ta roƙa, amma na san abin da ya kawo ta. Malam Tanko ya fi karkata ga wata Jamila, wai ta fi ta daɗewa a aji, kuma ba ƙarya ya yi ba, makinsu kusan ɗaya ne. Amma yau na ce masa wadda ta tako har gida ta nuna tana son wurin. Jibi in Allah ya yarda za mu gama."

Inna ta yi ta amsawa da "to" da "an gode". Da ta kashe wayar ta ɗaga labule ta tsaya tana kallon 'yarta.

"Ba ki faɗa mata ba."

"Na faɗa, Inna. Na ce ko a wani wuri."

"Ke da turare da durƙuso, saura kwana uku a zauna, me kike so ta ɗauka? Kama ƙafa kika je yi a wurinta."

Bahijja ta auna maganar. Haka ne kuwa. A unguwarsu in mai neman abu ya je gaida mai abin ana gab da yanke hukunci, ya kai ɗan abin hannu, ya yi addu'ar zaɓin alheri, kowa ya san roƙo ya je yi. Ta je da niyyar janyewa, ta dawo ta ƙara cusa kanta. Yanzu Hajiya ta sa bakinta a gaban mataimakinta saboda ita. In aka zauna Laraba aka zaɓe ta, aka kira Jamila aka ba ta haƙuri, sannan gaskiya ta fito, Hajiya ce za ta ji kunya a gaban ma'aikatanta. Kuma ba za a ce yarinya ta sami aiki a wani wuri ba, cewa za a yi ta ci tuwon tsohuwa ta yaudare ta. Bahijja ta ji tsoron wannan fiye da yadda ta taɓa jin tsoron rasa aiki.

Inna, wadda ta fi kowa kafewa a kan a je da ƙafa, ita ce yanzu ta fara neman hanyar zillewa.

"Ko in je ni in faɗa mata? Ko mu ce yayanki ne ya matsa?"

"A'a, Inna. Ni na nema, ni na zauna a gabansu. Kuma ba ita kaɗai ba ce, su uku ne."

Talata da safe, ana gama taron yara, ta shiga makarantar. Wannan karon ba ta sa ambulan a jaka ba, a hannu ta riƙe shi inda kowa zai gani, don kada ta sake samun wurin ɓoyewa. Ta fara zuwa teburin Malam Mikail.

"Malam, ina kwana. Takarda na kawo wa kwamitin ɗaukar malamin kimiyya. In da hali ina so in ga Hajiya da Malam Tanko, minti biyar kawai."

Malam Mikail ya dubi ambulan, ya dube ta, ya tashi ya shiga ofishin Hajiya. Jim kaɗan aka ce ta shiga.

Ofishin bai canza ba tun tana ɗaliba. Hajiya tana bayan tebur, Malam Tanko yana gefe da rajista a hannu, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Da alama ya ɗauka wani sabon kamun ƙafar ne, a ofis kuma. Bahijja ta rusuna ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa Hajiya takardar da hannu biyu. A ranta ta ji sauƙi, tunda takarda za ta yi maganar da bakinta ya kasa.

Hajiya ta buɗe, ta nesanta takardar da fuskarta, ta matso da ita, sannan ta miƙo mata.

"Na bar tabarau a gida. Karanta mana."

Ko da gaske ta bar shi, ko kuwa ta hango layin farko ne, Bahijja ba ta sani ba har yau. Ta karɓa. Ta karanta da Turancin kamar yadda aka rubuta, muryarta ƙasa-ƙasa, har ƙarshe. Sai ta ga Turancin ma wani mayafi ne take ɓuya a ciki. Ta sauke takardar ta faɗa da Hausa.

"Hajiya, Malam, na zo ne in janye neman aikin da na yi. Na sami wani aiki na karɓa, na sa hannu ranar Juma'a. Na gode da kuka kira ni, kuka ba ni lokacinku, kuka saurare ni. Na zo yau ne don kada ku zauna gobe da sunana a ciki. Kuma Hajiya, abin da ya kai ni gida ranar Lahadi kenan. Takardar nan tana jakata. Na kasa faɗa, na bar ki kika fahimci wani abu daban. Laifina ne, ki yafe mini."

Ran Hajiya ya sosu, kuma ba ta yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

"Kika zauna kika bar ni ina ta zuba."

"Na yi kuskure, Hajiya."

"Ina ne?"

"Wata sakandare ce a Kabuga."

"In wani abu ne a nan bai yi miki ba, ki faɗa. Ana iya dubawa."

Bahijja ta gane ƙofar da aka buɗe mata, ta kuma san shiga cikinta zai mai da zuwanta ciniki.

"Babu abin da bai yi mini ba, Hajiya. A nan na koyi abin da zan je in koyar. Amma na riga na ba su alkawari a rubuce, ba zan so in saɓa ba."

Malam Tanko ya rufe rajistarsa. Fuskarsa ta saki a karon farko.

"Hajiya, in kin ba ni dama. Bara wanda muka ɗauka a lissafi har takarda muka ba shi, ya ce in sha Allah ranar Litinin. Sati uku muna kiran waya a kashe, waɗanda muka sallama duk sun kama wani wuri, yara suka yi rabin zango babu malami. Malama Bahijja ta zo kafin mu zauna. Ni dai na gode mata." Ya juyo gare ta. "Darasin gwajin da kika yi mana ya yi kyau. Allah ya sa albarka a inda za ki."

"Amin, Malam. Na gode."

Hajiya ba ta ce amin ba. Ta karɓi takardar daga hannun Bahijja, ta miƙa wa Malam Mikail da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya rubuta kwanan wata, ya buga hatimi a kwafi biyun, ya sa ɗaya a fayil, ya ba Bahijja ɗaya.

"Gobe sai a zauna a kan mutum huɗu," in ji Hajiya. "Malam Tanko, maganar da na yi maka jiya ka ajiye ta. Abin da maki ya nuna shi za a bi."

Mazan biyu suka fita. Bahijja ta tsaya ba ta san ko an sallame ta ba. Ta sami abin da ta zo nema, ga hatimi a hannunta, Malam Tanko har ya yabe ta, amma wadda ta fi damuwa da ita ko kallonta ba ta yi. Ta rusuna za ta yi sallama.

"Tsaya," in ji Hajiya.

Ta sunkuya da ƙyar ta jawo aljihun tebur na ƙasa. Ta fito da wasu manyan littattafan rubutu guda huɗu, bangonsu ya koɗe, an ɗaure su da tsumman atamfa. Ta ɗora su a tebur ta dafa su da tafin hannu.

"Darussana ne na kimiyya, tun daga shekarar da na fara. Duk abin da na gwada ya yi, da wanda bai yi ba, da inda yara suke rikicewa, yana ciki. Jiya na sa aka sauko mini da su daga kan sif, na kakkaɓe su. Na ce ranar da za ki fara sai in ba ki."

Bahijja ta kasa ɗaga kai.

"Hajiya, ki ba wadda za a ɗauka. Ita ta cancanta."

"Wadda za a ɗauka ina nan tare da ita kullum, abin da take so za ta tambaye ni. Ke ce za ki inda ba na nan." Ta turo littattafan gabanta. "Na so ki zauna, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma zan daɗe ina jin abin. Amma yaran Kabuga ma yara ne. Ɗauki."

Bahijja ta ɗauka da hannu biyu. Ta so ta yi godiya mai tsawo irin wadda ta dace, sai ta ji in ta buɗe baki kuka ne zai fito. Ta durƙusa har ƙasa, ta miƙe, ta nufi ƙofa.

Tana bakin ƙofa ta ji Hajiya tana ƙwala wa sakatare kira, muryarta ta ɗan dushe.

"Malam Mikail, kawo mini fayil ɗin Jamila in sake dubawa."

Bahijja ta bi ta gaban azuzuwa ta fita, littattafan a ƙirjinta. Sai da ta sha kwanar lungu, inda babu ɗalibin da zai gan ta, sannan ta tsaya ta jingina da katanga ta yi kukanta.